Litinin a Houston, Talata a Kano: Wace Rana Aka Haifi Yaron?

Duk wanda ya tashi da sauraron rediyo ya saba jin mai gabatar da shiri yana cewa ƙarfe kaza agogon GMT, wato ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar. Kunnenmu ya san agogon ƙasashe ba ɗaya ba ne. Abin da ba kasafai muke kawowa a rai ba shi ne, inda agogo ya bambanta, kwanan wata ma yana bambanta na wasu sa'o'i a kowace rana ta Allah. Sha biyun dare ba ta isa ko'ina lokaci guda. Sa'ad da ta buga a Kano, Accra na da sauran awa ɗaya a jiya, Khartoum ta yi awa ɗaya a cikin sabuwar rana, Jidda ta yi awa biyu, birnin Houston na Amurka kuwa, idan lokacin sanyi ne, ƙarfe biyar na yammacin jiya yake. Jaririn da ya faɗo a irin wannan tsakani yana da kwanan wata biyu, kowanne gaskiya ne a inda ake faɗinsa, alhali fasfo layi ɗaya tak ya ware wa ranar haihuwa.

Ƙa'idar da ake bi wajen zaɓar ɗaya daga cikin biyun ba ta da wuya. Ranar haihuwar mutum ita ce kwanan watan da ke kan kalanda a garin da aka haife shi, bisa agogon hukuma na wannan garin, a lokacin da aka haife shi. Ba a mayar da ita agogon GMT, ba a mayar da ita agogon ƙasar iyaye, kuma idan ya yi ƙaura zuwa wata nahiya ba ta sauyawa. A doka, bambancin agogo ba ya taɓa ranar haihuwar kowa. Masu taɓa ta su ne mutane da na'urori, kuma yawanci da kyakkyawar niyya suke yi.

Bari mu ƙaddara wani yaro, mu bi takardunsa daga ɗakin haihuwa har ya girma. Mahaifinsa Bakano ne da ke karatu a Houston, uwar tana tare da shi. An haifi yaron ranar Litinin, 31 ga Disamba 2007, da ƙarfe 11:40 na dare. A wannan watan Houston tana bayan GMT da awa shida, Kano tana gaban GMT da awa ɗaya, tazarar ta zama awa bakwai. Lokacin da uban ya fito farfajiyar asibiti ya buga waya gida, an riga an idar da sallar asuba a Kano: ƙarfe 6:40 na safiyar Talata, 1 ga Janairu 2008, shi ne daidai lokacin da yaron ya zo duniya a agogon kakanninsa. Kakan ya ɗauko littafin da yake rubuta haihuwar jikoki ya rubuta abin da ya gani a kalandar ɗakinsa. Kakar kuwa ta ce ai Ɗantala ne, tunda ranar Talata ya zo. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Asibitin Houston ya rubuta 31 ga Disamba 2007. Da wannan ranar jihar Texas ta ba da takardar haihuwa, da ita kuma aka yi wa yaron fasfon Amurka. Bayan shekara uku iyalin suka dawo gida. Ranar da za a sa shi makaranta, gwaggonsa ce ta kai shi, da aka tambaye ta ranar haihuwa ta faɗi wadda dangi suka sani: ɗaya ga watan ɗaya, 2008. Daga rajistar firamare ranar ta wuce sakandare, daga nan ta hau fom ɗin jarrabawa, ta shiga rajistar lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Tunda a yau fasfon Najeriya daga bayanan NIN yake ɗauka, koren fasfonsa ya fito da 1 ga Janairu 2008. Yaro ɗaya, fasfo biyu, tsakanin ranakun kwana ɗaya ne kacal, amma shekarar haihuwa ta bambanta.

A ƙasan shafin hoto na kowane fasfo akwai layi biyu na haruffa da lambobi waɗanda na'ura ke karantawa. Tsarinsu ɗaya ne a duniya, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ce ta shimfiɗa shi. A layi na biyu ana rubuta ranar haihuwa da lambobi shida: biyun ƙarshe na shekara, sai wata, sai rana. A fasfon Amurka na yaronmu za a ga 071231, a na Najeriya 080101. Babu gurbin sa'a, babu gurbin agogon gari. Bayan lambobin shida akwai ta bakwai, lambar tantancewa, wadda ake samu ta hanyar ninka lambobin da 7, 3, 1, 7, 3, 1, a tara sakamakon, a ɗauki lambar ƙarshe. Ta farko tana ba da 46, wato 6. Ta biyu tana ba da 32, wato 2. Aikin wannan lamba shi ne kama na'ura idan ta karanta ba daidai ba, ko kama wanda ya goge lamba ya canza. Ba ta san ko ranar da aka shigar tun farko ita ce ta gaskiya ba. Saboda haka fasfon biyu duk za su wuce gwajin na'ura lafiya lau, sai ranar da wani jami'i ya ajiye su gefe da gefe.

Wani zai ce kwana ɗaya ai ba komai ba ne. A mafi yawan rayuwa haka ne. Matsalar tana tasowa ne a inda aka ja layi da kwanan wata, kuma masu jan layi sun fi son 1 ga Janairu. A gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, wadda Najeriya ta lashe sau biyar, FIFA ba ta tambayar shekarun yaro ranar wasa, shekarar haihuwa take dubawa. A gasar 2025 sharaɗin shi ne a haifi ɗan wasa ranar 1 ga Janairu 2008 ko bayanta. Da yaronmu ɗan ƙwallo ne, koren fasfonsa ya ba shi dama, takardarsa ta Texas ta hana shi, kuma ta Texas ce mai gaskiya. Minti ashirin ne suka raba shi da gasar. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne fassarar da za a yi wa saɓanin. Wanda ya ga ɗan Najeriya da shekarar haihuwa biyu ba zai fara tunanin kaka da kalandar ɗakinsa ba, rage shekaru zai fara zargi. Wannan zargin shi ne ainihin asarar, domin da zarar jami'in biza ko na jami'a ya fara shakkar takarda ɗaya, sauran ma sai ya dube su da wani ido.

Akwai misalin da ya fi ƙwallo nauyi, kuma ya shafi 'ya'yan ɗalibanmu da suka yi karatu a Birtaniya a wancan zamani. Kafin 1 ga Janairu 1983, kusan duk wanda aka haifa a ƙasar Birtaniya ɗan ƙasa ne, in ban da irin 'ya'yan jami'an jakadanci. Daga wannan ranar dokar zama ɗan ƙasa ta 1981 ta fara aiki, haihuwa kaɗai ta daina wadatarwa, sai in ɗaya daga cikin iyaye ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin. Jaririn da aka haifa a Landan da ƙarfe 11:30 na daren 31 ga Disamba 1982 yana ƙarƙashin tsohuwar doka, ko da yake a Kano a wannan lokacin an yi rabin awa a cikin 1983. Idan danginsa sun saba cewa ɗan sabuwar shekara ne, har suka rubuta masa haka a takardun gida, sun rubuta masa ranar da ba ta ba shi wannan haƙƙin. Abin da zai cece shi shi ne rajistar Landan.

Ya kamata a lura cewa "kusa da tsakar dare" yana faɗaɗa gwargwadon nisan gari. Tsakanin Kano da Accra awa ɗaya ce a rana kwanan wata ke saɓawa: wanda aka haifa a Accra ko Kumasi daga sha ɗaya zuwa sha biyun dare, a Kano gobe ce. Tsakanin Kano da Jidda awa biyu ne, kuma ta ɗaya ɓangaren: wanda aka haifa a Jidda ko Makka daga sha biyu zuwa biyun dare, a Kano jiya ce. Da Houston kuwa, a lokacin sanyi, duk haihuwar da ta faɗo daga biyar na yamma zuwa sha biyun dare ta shiga wannan hali, kusan kashi ɗaya cikin uku na yini. Ba sai an haifi yaro ana saura minti ashirin ba.

Ko ba a ƙetare iyaka ba, daren kansa yana da nasa ruɗani a wajenmu, domin lissafi biyu muke riƙe da su. A lissafin Musulunci rana tana farawa ne daga faɗuwar rana, dare yana gaba da yininsa. Shi ya sa idan Bahaushe ya ce daren Juma'a, daren da ke tsakanin Alhamis da Juma'a yake nufi. Yarinyar da aka haifa bayan isha'i ranar Alhamis, a gida an haife ta daren Juma'a, wata kakar ma Jummai za ta kira ta, alhali a rajistar asibiti Alhamis ce har sai sha biyu ta buga. Akwai kuma lissafin yau da kullum, wanda ke ɗaukar gari bai waye ba sai an yi asuba: wanda aka haifa ƙarfe ɗaya na dare, da safe za a ce jiya da daddare aka haihu, alhali a kalanda yau ne. Na farko yana tura ranar gaba, na biyu yana jan ta baya. Idan a gida aka haihu, aka je yin rajista bayan makonni, ma'aikacin da ke cike fom abin da aka faɗa masa zai rubuta. Dokar rajistar haihuwa ta Najeriya ta 1992 ta ba da kwana 60, kuma mutane da yawa sai an buƙaci takardar makaranta suke zuwa, lokacin da ba wanda ke tuna ko kafin sha biyu ne ko bayanta.

A asibiti ma akwai inda ƙafa ke zamewa. Lokacin haihuwa shi ne lokacin da jikin jariri ya gama fitowa gaba ɗaya, ba lokacin da kai ya leƙo ba, ba kuma lokacin yanke cibiya ko faɗowar mabiyiya ba. A daren da haihuwa ta zo da gardama, hankalin ungozoma yana kan uwa da ɗa, sai komai ya lafa take duba agogo, kuma agogon bango da na wayarta suna iya saɓawa da minti biyar. Da rana wannan ba ya cutar da kowa, amma tsakanin 11:58 da 12:03 akwai kwanan wata guda. Wani kuskuren da ake yawan samu shi ne na mai aikin dare da ta buɗe shafi da ƙarfe tara ta rubuta kwanan watan yau a sama, ta ci gaba da cike shi har asuba ba ta sauya ba. Sai kuma rubutun `12:10 AM`, wanda mutane da dama ke ɗauka na ƙarshen ranar ne, alhali minti goma ne da shigarta. Asibitocin da ke rubuta 00:10 sun huta da wannan. Tagwaye kuwa idan sha biyu ta ratsa tsakaninsu, kowa da ranarsa ake rubuta masa, ko da Hassan ya zo a Disamba Husaini ya zo a Janairu. A Ingila ba a saba rubuta sa'ar haihuwa a takardar haihuwa ba sai ga tagwaye da 'yan uku, a Scotland kuwa kowa ana rubuta masa.

Ga waɗanda aka haifa a Saudiyya, kuma Hausawa suna da yawa a can tun zamanin tafiya hajji a ƙasa, akwai ƙarin mataki. Takardun hukuma da yawa da kwanan watan Hijira aka rubuta su, bisa kalandar Ummul Ƙura da gwamnati ke aiki da ita. Idan za a yi fasfon da ke buƙatar kwanan watan Miladiyya, sai an juya. Masu juyawar ba hanya ɗaya suke bi ba: wata manhajar da Ummul Ƙura take aiki, wata da lissafin jadawali mai jera wata 30 da wata 29, dattijon gida kuma da ganin watan da aka sanar a ƙasarsa yake tunawa. Sakamakon yakan bambanta da kwana ɗaya, wani lokaci biyu. Idan takardar asali ta ambaci ranar mako, ita ce ke raba gardama, domin Laraba Laraba ce a kowace kalanda. Sannan shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka wanda ya cika 18 a lissafin Hijira yana da sauran fiye da wata shida kafin ya cika 18 a lissafin da ofishin jakadanci ke yi.

Duk waɗannan kurakuran mutane ne. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na kwamfuta, domin shi bai damu da ko tsakar dare aka haife ka ko tsakar rana ba. Manhajoji da yawa ba su da wurin ajiye kwanan wata tsurarsa, ko kuma wanda ya rubuta su bai yi amfani da wurin ba. Sai su ɗauki ranar haihuwa tamkar wani lokaci ne takamaimai, su liƙa mata sa'a, kuma sa'ar da suke liƙawa ita ce sha biyun dare daidai, wato bakin iyakar ranar. Ƙaramin motsi ya isa ya jefa ta jiya. A ce wata ɗaliba a Kano ta cike fom a intanet ta zaɓi 1 ga Janairu 2008. Wayarta ta ɗauka sha biyun dare ne agogon Najeriya, ta mayar da shi agogon duniya kafin ta aika, sai abin da ya isa rumbun ajiya ya zama:

```
2007-12-31T23:00:00Z
```

Harafin `Z` na ƙarshe yana nufin agogon duniya, wanda ya yi daidai da GMT. Idan manhajar da ke buga takarda ta yanke lambobin farko kawai ta watsar da sa'ar, ɗalibar ta koma 'yar 31 ga Disamba 2007. Haka ma yake faruwa daga ɗaya gefen. A harshen JavaScript, wanda mafi yawan fom ɗin intanet ke aiki da shi, wannan umarni yana ɗaukar ranar a matsayin sha biyun dare agogon duniya:

```
new Date("2008-01-01")
```

A kwamfutar da ke Kano zai nuna ƙarfe ɗaya na dare, 1 ga Janairu, ba matsala. A kwamfutar da ke Houston zai nuna ƙarfe shida na yamma, 31 ga Disamba. Bayanin da ke ajiye bai canza ba, amma ma'aikacin da ke kallon allo a Amurka wata rana yake gani daban da wadda mai fom ɗin ya shigar.

Irin wannan kuskure yana da alamomin da ake gane shi da su. Kullum kwana ɗaya ne cif, ba biyu ba, ba mako ba, kuma galibi baya yake ja. Ba mutum ɗaya yake samu ba: idan ka tambayi waɗanda suka cike fom ɗin tare da kai daga ƙasa ɗaya, za ka tarar kowa an rage masa kwana. Sau da yawa abin da ke kan allo daidai ne, wanda aka buga a takarda ne ya saɓa. Mutanen Ghana sukan tsira daga nau'in farko domin agogonsu shi ne GMT duk shekara. A Birtaniya kuwa, inda ake tura agogo gaba da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sai a ga waɗanda aka haifa a watannin zafi ne kaɗai ranarsu ta zame, na watannin sanyi ba abin da ya same su. Tura rana gaba kuma yakan faru ne idan manhajar ta ajiye ainihin sa'ar haihuwa, kamar ta asibiti: 11:40 na daren yaronmu na Houston, in an mayar da shi agogon duniya, 5:40 ne na safiyar 1 ga Janairu. Maganin a wajen masu rubuta manhaja sananne ne, a ajiye ranar haihuwa a matsayin shekara da wata da rana kawai, ba sa'a, ba agogon gari. A wajen mai cike fom kuwa, kada ya wadatu da abin da ya shigar, ya karanta takardar da ta fito kafin ya biya kuɗi ko ya sa hannu, domin a wannan matakin gyara minti biyu ne.

Ko ranar ta zauna daidai a kowace takarda, tambayar "shekarunsa nawa yau?" ba ta da amsa ɗaya a duniya. Ranar haihuwa ta garin haihuwa ce, amma cikar shekaru dokar wurin da ake tambaya ce ke yanke ta, kuma doka ba ta ƙirga sa'o'i. A Ingila, dokar 1969 ta ce mutum yana cika shekara ne da shigowar ranar zagayowar haihuwarsa. Idan yaronmu yana Landan, ya cika 18 da bugawar sha biyun daren da ta shigo da 31 ga Disamba 2025, alhali in da agogo za a bi, da sauran awa 29 da minti 40 kafin shekara goma sha takwas ɗin su cika cif. Kafin wannan doka, tsohuwar ƙa'idar Ingila cewa take mutum yana cika shekara kwana ɗaya kafin ranar haihuwarsa, kuma hukumar fanshon tsufa ta Amurka har yanzu da ita take aiki: wanda aka haifa 1 ga Janairu, ana lissafa shi tare da 'yan shekarar da ta gabata. A Japan shekara tana cika ne a ƙarshen ranar da ke gaban ranar haihuwa, shi ya sa yaron da aka haifa 1 ga Afrilu yake shiga makaranta shekara guda kafin wanda aka haifa 2 ga Afrilu. A Ingila layin makaranta yana tsakanin 31 ga Agusta da 1 ga Satumba. A dokar shige da fice ta Amurka, "yaro" shi ne wanda bai yi aure ba kuma bai kai 21 ba, saboda haka ɗan da iyaye ke nema wa izinin zama yana iya fita daga wannan rukuni a dare ɗaya, ko da yake wata doka ta 2002 ta sassauta yadda ake lissafin saboda jinkirin ofis.

Iyakar abin da bambancin agogo ke iya yi ana ganinsa ne a tekun Pasifik, inda layin sauya kwanan wata ya ratsa. Ƙasar Samoa da maƙwabciyarta Samoa ta Amurka tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce a jirgin sama, amma tsakanin agogonsu awa 24 ne: sa'a ɗaya, rana daban. Jarirai biyu da aka haifa a daƙiƙa ɗaya a tsibiran biyu kullum kwana ɗaya ne tsakanin takardunsu. A ƙarshen 2011 Samoa ta tsallaka layin don ta daidaita ranakun aikinta da Ostireliya da New Zealand, daga daren Alhamis 29 ga Disamba aka wayi gari Asabar 31. Babu wanda aka haifa a Samoa ranar 30 ga Disamba 2011, kuma takardar da ta ce haka tana da kuskure.

To yaya yaronmu zai yi da fasfonsa biyu? A ganina kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne bin rinjaye. Mutum yakan duba ya ga takardu shida suna ɗauke da 1 ga Janairu, biyu kacal ke ɗauke da 31 ga Disamba, sai ya ce a gyara biyun. Amma takardu shidan nan daga bakin gwaggo ɗaya suka fito, kowace ta kwafi ta gabanta. Nauyin takarda yana zuwa ne daga kusancinta da ɗakin haihuwa: rajistar asibiti, sai takardar haihuwar da hukumar wurin ta bayar a lokacin, sannan duk abin da ya biyo baya. Cikakkiyar takardar haihuwa ta jihohin Amurka galibi tana ɗauke da sa'a, kuma wannan sa'ar ce za ta bayyana wa kowane jami'i yadda saɓanin ya samo asali: 11:40 na dare a ƙara awa bakwai.

Gyaran daga tushe ake faro shi. Da takardar Texas zai nemi a gyara bayanan NIN, bayan nan ne ofishin fasfo zai iya buga sabo, sannan a bi takardun makaranta da na banki. Idan aka fara da fasfo alhali NIN bai sauya ba, za a dawo da shi. Takardar rantsuwa ta kotu tana da amfani wajen bayyana cewa mai ranakun biyu mutum ɗaya ne, amma shaida ce da mutum ya bayar a kan kansa, ba ta rinjayar rajistar da aka rubuta daren haihuwa. Kafin gyaran ya kammala, tikitin jirgi da fom ɗin biza su ɗauki ranar da ke cikin fasfon da zai yi tafiya da shi, harafi da harafi, idan kuma fom ya tambayi ko ya taɓa amfani da wata ranar haihuwa, ya faɗa, ya haɗa da kwafin takardar asali da gajeren bayani a rubuce. Saɓanin da mutum ya bayyana da kansa kuskuren rajista ne. Wanda jami'i ya tono bayan an ɓoye, a dokokin shige da fice na ƙasashe da dama ana iya ɗaukarsa yaudara, hukuncinsa kuma yakan kai ga hana shiga na shekaru.

Ga iyayen da haihuwa ta riska a wata ƙasa, ko cikin dare a gida, aikin na ranar farko ne. A rubuta ranar mako, kwanan wata, sa'a bisa lissafin awa 24, da sunan garin, a layi ɗaya. Kafin a bar asibiti a karanta katin da ungozoma ta cike, a tabbatar sa'ar da kwanan watan sun dace da juna, musamman idan haihuwar ta faɗo tsakanin sha ɗaya da ɗaya na dare. Idan za a sanar da dangi a gida, a faɗa musu ranar tare da cewa agogon can ne, a kuma tura musu hoton takardar, domin wata rana ɗaya daga cikinsu ne zai riƙe hannun yaron zuwa ofishin hedimasta.